Takarda, WhatsApp ko saƙon tes: ta ina famasi zai sanar da tsofaffin abokan cinikinsa cewa ya fara kai magani gida?

Mai famasi da ya gama shirin kai wa mutane magani har gida, ya sayi babur, ya sami yaron da zai tuƙa, sau da yawa abin da yake barin wa ƙarshe shi ne wasiƙar sanarwa. Sai ana jibi za a fara a ce wa mai tsaron kanti ya rubuta wani abu ya tura. Alhali wannan wasiƙar ce za ta yanke irin kiran da zai riƙa shigowa a watan farko: ko na masu son a kawo musu maganin hawan jini na wata, ko na masu faɗa don an ce za a kawo kuma ba a kawo ba.

Hanyoyi uku ne a gaban yawancin masu kanti: takarda da ake sakawa a ledar magani, saƙon WhatsApp, da saƙon tes. Don kada maganar ta tsaya a sama, mu ƙaddara wani famasi mai rajista a Tarauni cikin Kano, ba nisa da Asibitin Malam Aminu Kano, wanda yake da sunayen mutum 600 a littafinsa. A ce 250 daga ciki masu ciwon da ba ya tafiya ne, hawan jini da ciwon suga da makamantansu, waɗanda suke zuwa duk wata. A ce kuma 400 suna da WhatsApp. Lambobin misali ne, kowa ya sa nasa.

Kafin a kwatanta hanyoyin, sai an san nauyin kayan da za a ɗora musu. Wasiƙar kai magani ba kamar ta sabon shagon takalma ba ce, domin rabin abin da za ta faɗa iyakoki ne. Dole ta faɗi unguwannin da ake zuwa da sunayensu, domin "ko'ina a cikin Kano" alkawari ne da babur ɗaya ba zai cika ba. Daga Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwa Uku tafiya ce ta 'yan mintoci, amma Rijiyar Zaki ko Kurna wata magana ce daban. Dole ta faɗi ƙarfe nawa ake rufe karɓar oda, da kuɗin kaiwa, da yadda ake biya. Dole ta faɗi yadda za a yi da takardar likita. Sannan ta faɗi abin da ba a kaiwa ko da an roƙa. Idan aka tattara waɗannan cikin Hausa mai sauƙi, da wuya su gaza kalma 150. Tambayar ita ce wace hanya ce za ta ɗauki wannan kayan ta kai shi hannun mutumin da ya dace, ba tare da wani ya leƙa ba.

Saƙon tes ne ya fi saurin faɗuwa a wannan jarrabawa, kuma dalilin na lissafi ne. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan haruffan na yau da kullum ne. Da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin yana sauyawa gaba ɗaya, saƙon ya koma ɗaukar harafi 70 kacal. Idan kuma saƙon ya yi tsawo aka yanka shi gida-gida, kowane yanki yana ɗaukar 153 a tsarin farko, 67 a na biyu. Wasiƙarmu mai kalma 150 za ta kai harafi 850 ko kusa da haka. Da haruffa masu lanƙwasa, yanki 13 ke nan ga mutum ɗaya. Ba tare da su ba, yanki 6. A ninka 13 sau 600, an sami 7,800, kuma kowane yanki kuɗinsa ake biya. Ko an iya biya, dattijon da yake riƙe da ƙaramar waya mai madannai ba zai bi dogon saƙo irin wannan har ƙarshe ba.

Akwai kuma matsalar isa. Tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ba mutane lambar 2442 don su toshe saƙonnin talla, kuma wanda ya toshe, saƙon da aka tura ta kamfanonin tura saƙo da yawa a layin talla ba lallai ya same shi ba. Sannan irin wannan saƙon yana zuwa ne da sunan kanti a maimakon lamba, ba a iya mayar masa da amsa. Duk da haka kada a yar da shi. Shi kaɗai ne yake shiga wayar da ba ta da data, kuma mutum 200 na misalinmu a nan suke. Aikinsa ya zama nuni kawai, cikin kalmomin da aka zaɓo da gangan babu harafi mai lanƙwasa a cikinsu:

"Salam. Daga 1 ga wata za mu fara kawo magani har gida. Ku ajiye wannan lamba ta kantinmu, ku tambayi cikakken bayani idan kun zo. Mun gode."

Ko an ƙara lambar waya mai alƙaluma 11, wannan bai wuce 160 ba. Yanki ɗaya ne ga kowa.

WhatsApp ne kowa yake fara tunani, kuma da gaskiyarsu: tsawon saƙo ba matsala ba ne, haruffan Hausa suna fita daidai, mutum yana iya amsawa nan take, har ya ɗauki hoton takardar likita ya turo. Amma a cikinsa hanya biyu ce, kuma ɗaya daga ciki haɗari ce ga famasi.

Ta farko ita ce buɗe rukuni a zuba kowa a ciki. Kada a yi. A rukuni kowa yana ganin lambar kowa, kuma kasancewar mutum a rukunin famasi kaɗai ta isa ta sa a fara tambayar me yake damunsa. Ba a kwana biyu wani zai rubuta a fili cewa a kawo masa maganinsa na kullum, ya faɗi sunan maganin, surukinsa ko maƙwabcinsa yana karantawa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsauri da ake kula da su fiye da saura, kuma mutumin da ya ba da lambarsa don a kira shi idan maganinsa ya iso bai ba da ita don a nuna wa ɗaruruwan baƙi ba. Ko ba doka, mutunci ya hana.

Ta biyu ita ce jerin yaɗa saƙo, wanda ake buɗewa ta New broadcast. A nan kowa yana karɓar saƙon shi kaɗai, kamar shi aka rubuta wa, kuma amsarsa kanti kawai take zuwa. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, don haka mutum 400 jeri biyu ne. Inda gizo yake saƙar shi ne, saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar kantin a wayarsa. Wanda bai ajiye ba, babu abin da zai gani. Mai kanti zai tura wa 400, ya zauna yana jiran amsa, alhali wataƙila ƙasa da rabi ne suka samu. Yadda ake ganewa shi ne a danna saƙon a riƙe, a duba bayaninsa: sunayen da kwana biyu suka wuce ba a nuna saƙon ya isa gare su ba, mafi yawansu ba su ajiye lambar ba ne. Masu gajen haƙuri sai su koma tura wa mutane ɗaya bayan ɗaya daga sabon layi, saƙo iri ɗaya sau ɗaruruwa a yini guda. Wannan shi ne halin da yake sa mutane su kai ƙarar lamba, WhatsApp ya rufe ta, a ranar da aka fi bukatarta.

Wani abin da WhatsApp ya fi sauran biyun da shi shi ne murya. Da yawa daga cikin masu shan maganin wata-wata dattawa ne, wasu ba sa karanta boko, wasu ciwon sugan ya taɓa musu ido. Saƙon murya na minti ɗaya daga bakin mai haɗa maganin da suka sani, wanda ya saba ce musu "Baba, ya jikin?" ko "Hajiya, an auna jinin kuwa?", ya fi shafi guda na rubutu shiga. Sai dai a tura shi tare da rubutun, domin ba wanda zai koma cikin murya yana laluben lambar asusu.

Rauninsa kuwa shi ne saurin kwaikwayo. Duk wanda ya ga sanarwar yana iya kwafe ta, ya sa hoton kantin a kan tasa lambar, ya canza lambar asusu, ya riƙa karɓar tiransifa. Abokin ciniki ba shi da abin da zai gwada saƙon da shi, sai idan akwai wani abu a hannunsa da ya san daga kantin ya fito.

A nan ne takarda take shigowa, kuma ni a ganina ita ce ainihin wasiƙar, sauran biyun 'yan rakiya ne. Rabin farar takarda, da hatimin kanti da sa hannun mai haɗa magani, a saka a leda tare da maganin. Mutum 250 da suke zuwa duk wata, su ne za su fi amfani da kaiwa gida, kuma cikin kwana 30 kusan dukansu za su ratsa ta kantin, ko su da kansu ko ɗan aikensu. Ko yaro aka aiko, takardar tana shiga gida tare da maganin, a ajiye ta inda ake ajiye shi. Ba ta bukatar data, ba ta bukatar caji. Kuma a lokacin miƙa ta ne ake gyara matsalar WhatsApp: mai kanti ya ce, "Alhaji, ga lambarmu, bari in sa maka ita a waya," ya kuma tambaya ko ya yarda a riƙa turo masa saƙo. Wanda ya ce a'a, a rubuta a littafi a ƙyale shi.

Ba ta rasa nata aibu. Tana da jinkiri, don haka sai an fara rabawa wata guda kafin ranar farawa. Ba ta isa ga sauran 350 da ba sa zuwa sai ciwo ya taso. Kuma abin da aka buga ya bugu. Wanda ya buga kuɗin kaiwa a farkon watan Mayun 2023, kafin watan Yuni ya kama an cire tallafin man fetur, farashin lita ya ninka kusan sau uku, takardarsa ta zama abin jayayya a ƙofar gida. Maganin wannan shi ne a rubuta wa kuɗin wa'adi: wannan farashin har zuwa ƙarshen wata kaza. Aibu na ƙarshe shi ne takarda tana yawo a gida, kowa yana ɗauka. Saboda haka ta zama iri ɗaya ga kowa, babu sunan mutum, babu sunan maganinsa. Wasiƙar da ta ce "za mu riƙa kawo miki maganinki na tsarin iyali" tana iya tayar da fitina a gidan da ba kowa ya san ana shan sa ba.

To me za a rubuta a takardar? Nan ma zaɓi biyu ne, kuma na fi ganin na farko a gari. Shi ne mai cewa albishirinku, yanzu duk maganin da kuke so, a duk inda kuke, a kowane lokaci, kira ɗaya kawai. Yana da daɗin ji, amma kowace gaɓa a cikinsa bashi ce. "Duk maganin da kuke so" zai jawo kiran masu neman tiramol da maganin barci ba takarda. "Kowane lokaci" zai jawo kiran ƙarfe ɗaya na dare daga uwar da ɗanta yake shiɗewa, wadda asibiti ya kamata ta nufa, ba ta zauna jiran babur ba. Na biyu ba shi da armashi, amma ana iya tsayawa a kansa. Ga yadda zai kasance a kantin misalinmu:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja.

Muna sanar da ku cewa daga ranar 1 ga wata mai kamawa za mu fara kawo magani har gida a Tarauni, Gyaɗi-Gyaɗi, Hausawa, Darmanawa da Unguwa Uku. Wanda ya yi oda kafin ƙarfe 12 na rana zai samu kafin la'asar. Wanda ya yi kafin ƙarfe 4 zai samu kafin isha'i. Ranar Juma'a zagaye ɗaya ne, bayan an sauko daga masallaci.

Kuɗin kaiwa naira 700 ne, har zuwa ƙarshen wata uku. Ana biya a hannun ɗan aikenmu, ko a asusun da ke ƙasan wannan takarda, wanda yake ɗauke da sunan kantinmu. Ba mu da wata lamba ko wani asusu bayan waɗannan.

Maganin da sai da takardar likita, a turo hotonta, mai haɗa maganinmu zai kira ku kafin a ɗauro. Magungunan da hukuma ta tsaurara a kansu ba ma kai su gida, sai an zo da takardar a hannu. Ɗan aikenmu ba ya ba da shawarar magani. Duk tambaya a kira kanti.

Za a kawo a leda a rufe, babu sunan magani a waje. Idan ciwon na gaggawa ne, kada a jira mu, a tafi asibiti.

Kantinmu yana nan a buɗe kamar kullum. Allah ya ƙara lafiya."

Kowane layi a ciki akwai abin da yake tarewa. Zagaye biyu a rana, maimakon "cikin minti talatin", shi ne abin da babur ɗaya zai iya: a tara oda, a jera gidajen bisa hanya, a fita sau ɗaya a kowane zagaye. Kiran da mai haɗa magani zai yi kafin a ɗaura shi ne madadin hirar da ake yi a cikin kanti, inda ake gano cewa likita ya canza ƙarfin amlodifin daga miligiram 5 zuwa 10, ko mutum ya haɗa da wani maganin da ba sa jituwa. A kiran ne kuma ake karɓar kwatance, domin lambar gida ba ta kai mutum ko'ina a yawancin lungunanmu, sai an ce bayan masallacin kaza, gida na uku mai jar ƙofa. A nan ne ake tambayar wa za a miƙa wa. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, ɗan aike a waje zai tsaya, kuma idan ba a yi magana tun farko ba, maganin matar gida zai bi ta hannun duk yaron da aka samu a ƙofa.

Layin magungunan da aka tsaurara a kansu ba a jera sunayensu ba da gangan. Wanda abin ya shafa ya gane. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 idon hukuma yake kan irin waɗannan kayan, kuma yaro a kan babur da ledar tiramol ba shi da abin da zai faɗa wa jami'an NDLEA idan suka tare shi. Haka kuma bai kamata a cika wasiƙar da sunayen magungunan da sai da takardar likita da farashinsu ba. Sanar da hidima daban, tallar magani daban, ita kuwa tallar magani tana ƙarƙashin ikon NAFDAC. Wanda yake da niyyar wuce waya ya buɗe shafin sayarwa a intanet, ya fara tuntuɓar hukumar PCN mai ba famasi lasisi, domin tana da ƙa'idoji na musamman a kan haka. Mai kemis kuma, wanda lasisinsa na magungunan da aka yarda a sayar ba takarda ne kawai, ya cire sakin layin takardar likita gaba ɗaya. Kai kaya gida bai faɗaɗa masa lasisi ba.

Abu ɗaya na bari a waje da wasiƙar, kuma shi ne ya fi bukatar mai kanti ya yanke shawara kafin ya buga: insulin. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma a watan Afrilu zafin Kano yana haura 40, cikin akwatin babur da ya sha rana kuwa ya fi haka. Zafi yana rage masa ƙarfi ba tare da lallai an ga alama a kwalbar ba. Mai ciwon ne zai ga sugansa ya ƙi sauka bai san dalili ba. Daskarewa ma tana lalata shi, don haka manna kwalbar a jikin ƙanƙara ba dabara ba ce, sai an raba su da kwali ko tsumma. Idan kantin yana da ƙaramar kula da ƙanƙarar roba da ma'aunin zafi, ya ƙara layi ɗaya: ana kawo insulin a zagayen farko, gidansa ake fara zuwa, kuma sai akwai wanda zai karɓa ya sa a firji. Idan ba shi da su, ya rubuta a fili cewa magungunan firji sai an zo kanti. Yin shiru a kai shi ne mafi muni, domin masu ciwon suga suna cikin waɗanda za su fara kira.

Idan aka haɗa, ga yadda zan tsara wa kantin Tarauni. Wata guda kafin farawa, takarda ta fara shiga leda, ana ajiye wa mutane lamba a waya ana neman yardarsu. A buga kamar 400, don masu zuwa jefi-jefi su ma su samu. Saura mako guda, a tura rubutun nan ɗaya, ba a canza ko kalma ba, ta jerin yaɗa saƙo, tare da muryar mai haɗa magani. Idan rubutun waya ya saɓa da na takarda a kuɗi ko a lokaci, abokin ciniki zai riƙe wanda ya fi masa sauƙi. Ana gobe farawa, gajeren tes ya tafi ga waɗanda ba su da WhatsApp da waɗanda saƙon bai nuna ya isa gare su ba.

Wanda ba zai iya ukun ba, ya duba littafinsa. Idan cinikinsa ya dogara ga dattawa masu maganin wata-wata, ya ɗauki takarda ita kaɗai, ba zai yi asara mai yawa ba. Idan kantinsa yana kusa da jami'a ko rukunin gidajen ma'aikata, inda mutane suka riga suka saba tambayar farashi ta waya kuma lambarsa tana wayoyinsu, jerin yaɗa saƙo zai wadatar, da sharaɗin a manna kwafin wasiƙar a jikin kanta inda kowa zai ga lambar waya da ta asusu na gaskiya. Tes shi kaɗai ba ya isa a kowane hali, domin babu inda za a sa iyakokin a cikin harafi 160.